Farashin da Kifi Zai Shiga

Sikeli ake ce masa tun yana saurayi, kuma har ya tsufa bai taɓa jin haushin sunan ba. Shi a ganinsa ma yabo ne. Ya shiga kamfanin haɗa abincin kaji yana ɗan shekara ashirin da biyu, aikinsa ɗora buhu a ma'auni da rubuta nauyi. Ya fito yana da sittin da biyu, da furfura, da tabarau mai kauri, da wani tari da ƙurar dusa ta bar masa. A tsakanin nan babu wanda ya taɓa kama shi da ƙara giram ɗaya ko rage shi. Mutane suna girmama shi saboda haka, amma ba kowa ke son zama kusa da shi a wurin cin abinci ba, don yana iya kallon farantinka ya gaya maka abin da ka yi asara.

Wani tsohon likitan dabbobi da ke kamfanin ne ya lura da shi, ya janye shi daga wurin buhuna ya zaunar da shi a tebur. A nan ya koya masa lissafin da ya zama sana'arsa, wanda masu dogon karatu ke kira liniya furogiram, shi kuwa Sikeli yake kira lissafin mafi araha. Abin ba sihiri ba ne. Ka jera kayan da ke kasuwa, masara ce, waken suya ne, dusa ce, garin ƙashi ne, kowanne da farashin kilonsa da abin da kilon ke ɗauke da shi. Abin da ba ka sani ba shi ne kilo nawa za ka ɗiba daga kowanne. Sai ka rubuta bukatun kaza, kowace bukata da layinta: ƙarfin da ke cikin haɗin kada ya gaza kaza, sinadarin gina jiki kada ya gaza kaza, na ƙarfafa ɓawon ƙwai kada ya gaza kaza. Kilo biyu kuɗinsa biyu ne, amfaninsa ma biyu, babu ragi babu gyara, kuma ba a sayen ƙasa da sifili. Daga nan sai a nemi haɗin da ya cika kowane layi, kuɗinsa kuma ya fi na kowa ƙanƙanta. Da fari da fensir suke yi, su kwashe yini guda. Da kwamfuta ta zo, kafin shayinsa ya huce an gama.

Sikeli ya so wannan lissafi, so na gaske. Abu ne da ba ya jin magiya, ba ya karɓar gaisuwa, bai san ɗan wane ba. Shekara arba'in kaji dubbai suka ci daga hannunsa, ba wadda ta kawo ƙara.

Da aka sallame shi, an ba shi agogon bango, da tsohuwar kwamfutar da yake aiki da ita, da fanshon da idan ka riƙe shi a hannu sai ka sake duba ƙasa ko wani abu ya faɗi. Ya kwaso takardunsa na shekaru a kwali biyu ya tura ƙarƙashin gado. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, shi da matarsa kawai, don yara duk sun watse. Ita tela ce, kekenta na bakin taga, kuma tun da autarsu ta yi aure suke cin abinci a tire ɗaya, ita a gefen ƙofa, shi a gefen bango. Maman Auta yake kiranta. Ita kuma Malam take ce masa, sai in ranta ya ɓaci ta ce Maigida.

Gaskiyar magana, tsoro ne ya kama shi, ba rowa ba. Mutum ne da bai taɓa miƙa hannu ga kowa ba, kuma tunanin wata rana ya kira ɗan cikinsa ya ce gari ya ƙare yana sa shi gumi. In mai tsoro ya rasa abin yi, ga abin da ya iya yake komawa. Sati biyu da barin aiki ya buɗe kwamfuta a kan teburin falo, ya goge kaza, ya rubuta mutum biyu.

Layi huɗu ya sa: ƙarfi, gina jiki, maiƙo, da bitamin ɗin da ke gyara ido. Ya samo adadin da dattawa biyu ke bukata daga wani littafin asibiti da Auta ta bari, don ita ma'aikaciyar jinya ce. Ya zaga kasuwa da ɗan littafi, ya ɗauko farashin abu ashirin da uku, har da nama da ƙwai da madara da busasshen kifi, don kada a ce ya yi son kai. Ya danna. Amsa ta fito: garin masara, wake, mai, ganye.

Ya kira ta, yana murmushi irin na wanda ya ci jarrabawa.

"Maman Auta, zo ki ga abincinmu."

Ta zo da zare a baki, ta leƙa. "Na yaushe?"

"Na kullum."

"Abu ashirin da uku ka rubuta, na gani da idona. Ina sauran?"

"Ai haka lissafin yake. Layi huɗu, abinci huɗu ya ishe shi. Ba ya bukatar na biyar."

"Shi ba ya bukata. To kifi fa?"

Nan ne maganar take. Tun suna amarya da ango, kowace Talata Maman Auta takan sayo kwatan kilo na busasshen kifi, ta jiƙa, ta cire ƙaya, ta zuba a miya. An yi shekarun wahala, an yi na kuɗin makaranta, an yi shekarar da aka sayar da rediyo, amma kifin Talata bai taɓa faɗuwa ba. Ba ta sa gwal, ba ta zuwa yawon ƙawaye. Wannan ne kawai abin da ta riƙe.

"Kifi bai shiga ba," in ji Sikeli.

"Wa ya hana shi?"

"Farashinsa."

Ya juyo mata da kwamfutar, ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa sababbin ma'aikata. Wake kilo ɗari takwas, masara ɗari huɗu, kifi dubu biyu da ɗari takwas. Abin da kilon kifi zai ba jiki, idan ka haɗo shi daga wake da masara da mai, dubu biyu da ɗari biyu zai ci maka. Wato duk kilon kifi da ya shigo gidan nan, an yi asarar ɗari shida. Akwai ma wurin da kwamfutar ke nuna wannan lamba, a gefen kowane abincin da aka bari a waje.

"Ranar da kifi ya sauko dubu biyu da ɗari biyu," ya ce, "da kansa zai shiga. Ba sai na ce komai ba. Sai dai in ya shiga, ɗaya daga cikin huɗun nan zai fita, ina jin wake ne."

"Allah ya raka taki gona," ta ce wa waken. Sannan ta cire zaren daga bakinta. "Dubu biyu da ɗari biyu ka ce?"

"Haka na ce."

"Ka riƙe maganarka, Maigida."

Shi ya ɗauka an gama. Bai san ya ba ta aikin yi ba ne.

Ba a yi yunwa a gidan ba, wannan dole a faɗa. Lissafin daidai yake. Auta ta zo ta auna su, ta duba idonsu da farcensu, ba ta sami abin kamawa ba, abin da ya ƙara ba ta haushi. Maman Auta ta yi wa masara da wake duk abin da mace za ta iya yi musu: ta dama, ta tuƙa, ta soya, ta turara, ta haɗa su, ta raba su. Gishiri ya yarda da shi, don ya ce jiki na bukata. Albasa kuwa ta katanga take shigowa daga maƙwabciya, Sikeli ya ga dama ya zama makaho. Amma magana ta ragu a bakin tire. Da can sukan yi awa guda suna ci suna gulmar unguwa. Yanzu minti goma an ɗauke kwano.

Kowace Talata kuma takan yafa mayafi ta tafi wurin mai kifi, wata mata ƙatuwa mai zama a ƙarshen layin 'yan busassun kaya, wadda ta shekara ashirin tana sayar mata.

"Nawa yau?"

"Yadda kika bari, Yaya."

"Dubu biyu da ɗari biyu."

"Allah ya kawo kasuwa."

Sai ta juya ta dawo hannu wofi. Da farko mai kifi ta ɗauka wasa ne. Daga baya ta ce ta ɗauki kwatan kyauta, don Allah, a daina wannan zarya. Maman Auta ta ƙi. Tana da kuɗin ɗinkinta ma, da ta so da ta saya ta ci a ɗaki. Amma ba wannan take nema ba. So take kifi ya shigo ta ƙofar da aka kore shi, Malam yana zaune yana kallo. Har 'yan kasuwa suka sa mata suna Biyu-da-Biyu, tana wucewa ana kira, tana ɗaga hannu.

Sikeli yana sane da duk wannan, kuma yana jin kunya, amma kunyar ba ta kai ta motsa shi ba. Yakan ce wa kansa ai ba shi ya hana ba. Wannan shi ne daɗin lissafin tun asali: mutum ya yanke hukunci, ya ce lamba ce ta yanke.

Wata goma sha huɗu aka yi a haka. Rannan Auta ta zo da kayan aikinta a jiki, ko zama ba ta yi ba.

"Baba, na gyara wa Mama ɗaki a gidana. Akwai taga mai haske, keke zai zauna."

"Me ya sami ɗakinta na nan?"

"Ba abin da ya same shi. Ta ce min ƙarshen watan nan, in kifi bai shiga ba, ita za ta fita."

Ya dubi matarsa. Tana kan keke tana ɗinka hannun riga, ba ta ɗago ba.

"Kai ka ce in ɗaya ya shiga ɗaya zai fita," ta ce. "Ni na ga ko bai shiga ba ana iya fita."

Shekara talatin da takwas suna tare. Sikeli ya san sarai ba zai iya zaman gidan nan shi kaɗai da agogon bango ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, idan mutum ɗaya ya rage, dole a sake lissafin. Auta ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama.

Talatar ƙarshen wata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yana zaune yana sauraren labarai, sai ya ji an banko ƙofa. Maman Auta ce, tana haki, mayafi ya zame, da leda a hannu. An yi ruwan kifi a kasuwa, motoci uku suka sauke kaya rana ɗaya, masu kifi suna roƙon masu saye.

"Dubu biyu da ɗari ɗaya!" ta ce. "Har na wuce maka da ɗari. Ga mai kifi can, je ka tambaye ta. Tashi ka buɗe abin naka."

Rabon da ya ga fuskarta haka tun ranar da Auta ta gama makaranta. Shi ma ya ji daɗi, wallahi ya ji. Ya tashi da sauri har gwiwarsa ta yi ƙara. Amma Sikeli Sikeli ne, ya ce a fara aunawa. Yana da ɗan ma'auni a kan kabad, kuma ba ya son ƙarni ya kama shi, don haka ya ce ta jawo takarda ɗaya daga kwalin ƙarƙashin gado ta shimfiɗa. Ta jawo, ta shimfiɗa, ta zuba. Kwata cif.

Ya zauna ya buɗe kwamfuta. Ƙa'idarsa ce, ba a canza farashi ɗaya a bar saura, sai an sa na ranar duka. Ya buɗe ɗan littafinsa. Masara tana nan. Mai yana nan. Wake kuwa, sabo ya shigo, jiya da kansa ya rubuta: ɗari bakwai.

Tun kafin ya danna ya sani. Shekara arba'in ba wasa ba ce. In wake ya yi araha, abin da kifi ke bayarwa ya ƙara araha ta wata hanyar, to ƙofar kifi sai ta ƙara matsewa. Ya danna. Garin masara, wake, mai, ganye. A gefen kifi, sabon farashin shiga: dubu ɗaya da ɗari takwas.

Zai iya barin wake a ɗari takwas, ba wanda zai sani. Yatsansa har ya je kan lambar. Bai iya ba. Mutumin da bai taɓa ƙara wa buhun dusa giram ɗaya ba, ba yau zai fara ba.

"Maman Auta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wake ya sauko."

Ya juyo, yana jiran kuka ko faɗa. Sai ya ga ta ture kifin gefe, ta sa tabaranta na ɗinki, tana karanta takardar da ta shimfiɗa. Tsohon haɗin abincin kaji masu ƙwai ne, da rubutun hannunsa, mai kyau kamar na ɗab'i. A ƙasan layukan bukata akwai wasu layuka, kowanne da dalilinsa a gefe, don Sikeli ba ya sa layi babu dalili.

Ta karanta a fili, a hankali. "Garin rogo, kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. Dalili: ba sa so." Ta ɗago. "Su wa ne ba sa so?"

"Kaji."

"Jar masara, kada ta gaza kashi ashirin. Dalili: masu saye suna son gwaiduwa mai launi." Ta sa yatsa a layi na gaba, inda man kifin ya riga ya yi tabo. "Garin kifi, kada ya gaza kashi uku. Dalili: in babu shi ba sa sakin jiki su ci." Ta cire tabarau. "Malam. Kaji suna cin kifi?"

"Gari ne, ba irin wannan ba."

"Farashinsa ne ya sauko ya shiga?"

"A'a. Layi ne. Ni na sa."

"Ashe ana sa layi."

"Ana sawa."

"Duk wanda mutum ya ga dama?"

Akwai amsoshi da yawa da dattijo mai hankali zai iya bayarwa a nan. Sikeli ya zaɓi ta gaskiya, wadda ita ce mafi muni. "Ai su dole ne. Kaza in ba ta ci da daɗi ba, ƙwai raguwa yake."

Maman Auta ta gyaɗa kai, kamar wadda aka warware wa wani abu da ya daɗe yana damunta.

"To yanzu na gane," ta ce. "Ni na daina ƙwai."

Ta tashi ta nufi taga, ta fara kwance kan keke daga teburinsa, tana zuba ƙusoshin a gwangwanin maɓallai. Ba ta yi sauri ba, ba ta kuma yi kuka ba.

Shi kuwa ya zauna kamar an zuba masa ruwan sanyi. Abin da ya fi ƙona shi, babu wani sabon ilimi a nan. Ya sa irin wannan layi sau ɗari, ya koya wa wasu sawa, ya taɓa yi wa wani yaron ofis faɗa a kan ya manta cewa kaza ma tana da baki. Lissafin bai taɓa hana kifi ba. Abin da aka tambaye shi ya amsa, kuma Sikeli ne mai tambayar.

Ya jawo kwamfutar. A ƙasan layi na huɗu ya buɗe na biyar: busasshen kifi, kada ya gaza kwatan kilo a mako. Ya danna. Abinci biyar suka fito, wake ya ɗan ragu amma bai fita ba. Ƙarin kuɗi a mako: saba'in da biyar. Ya koma tsohon farashi, na ranar farko, don ya hukunta kansa da kyau. Ɗari shida a kilo, kwata ɗari da hamsin a mako, kusan ashirin a rana. Ko kwalin ashana ba zai saya ba. Lambar nan ta ɗari shida wata goma sha huɗu tana gabansa, shi ya nuna mata da yatsansa, bai taɓa raba ta huɗu ba.

Saura gurbin dalili. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. Daga ƙarshe ya bar kalma biyu, ya ɗauki kwamfutar, wayar wutarta tana jan ƙasa, ya kai mata bakin taga.

Ta sake sa tabarau. Ta karanta layin, ta karanta kuɗin, ta daɗe a kan kuɗin. Sannan ta karanta dalilin: tana so.

"Na gode, Malam," ta ce. "Shekara talatin da takwas, yau na kamo kaza."

Amma ta zazzage ƙusoshin daga gwangwani ta miƙa masa, ya durƙusa da gwiwarsa mai ƙara ya mayar da kan keken.

Da azahar ƙamshi ya cika tsakar gida, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko baƙi aka yi. Maman Auta ta kawo tire ta ajiye, ta zauna a gefen ƙofa, shi a gefen bango. Ya wanke hannu, bakinsa na tara yawu, don sai yau ya tuna shi ma yana son kifin nan. Ya duba. Kifin duka yana gefenta, an jera shi tsaf, gefensa kuwa ganye ne da mai.

Ya yi gyaran murya. "Maman Auta, lissafin na mutum biyu ne. An rage wake saboda kifin nan. In kika cinye ke kaɗai, ni rabona na gina jiki ba zai cika ba."

"Me ka rubuta a dalili?"

"Tana so."

"To." Ta ɗauki tsoka guda, ta duba ko da ƙaya, ta kai baki. "In kai ma kana so, sai ka ƙara layi."